Tuffa da piya suna baƙi kafin yara su ci, me zan yi?

Maman Hanan: Salamu alaikum 'yan uwa. Kullum da ƙarfe 6 na safe nake yanka wa yara tuffa da piya in sa musu a kwanon makaranta, amma sai su dawo min da shi wai ya ruɓe. Ya koma ruwan ƙasa, piyar har baƙi-baƙi. Ga tsadar tuffa a kasuwar Taminus. Lalacewa ne, ko akwai dabara?

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Ki bar ƙwallon piyar a ciki, haka kakarmu take yi, ba ta canza launi.

Anti Ladi: Maman Hanan, bai ruɓe ba, a ci lafiya lau. Na yi shekaru ina haɗa salak ɗin 'ya'yan itace na biki. Cikin naman tuffa akwai wani sinadari da ake kira enzayim, da wasu sinadaran da ke ajiye daban da shi. Wuƙa na ratsawa sai ta fasa ɗakunan da suka raba su, su gauraya, iskar oksijin ta shigo, sai launin ya fito. Abin da ke faruwa da yankakken dankalin Turawa ko yalo ke nan in kin bar shi a faranti. To me ya sa muke jefa dankali a ruwa muna feraya? Don ruwan ya tare iska. Dabarar ɗaya ce.

Ga yadda nake yi da tuffa. Kofi ɗaya na ruwa mai sanyi, rabin cokalin shayi na gishiri, ki juya ya narke. Kina yanka kina jefawa ciki nan take, kada ki tara su a faranti sai kin gama, don launin na farawa cikin mintuna. Su yi minti 10, ki tsame, ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki tsane da tsumma mai tsabta, ki rufe a ƙaramin mazubi da zai cika, kada iska ta samu fili. Gishirin yana kashe wa enzayim ɗin kaifi. Na ƙarfe 6 zai kai lokacin tara fari tas, ko bayan azahar da ɗan dama-dama. In kika ji gishiri a baki, kin zarce ne ko ba ki ɗauraye ba.

Ummu Sadik, ki duba da kyau gobe. Inda ƙwallon ya zauna ne kaɗai yake kore, don nan ne iska ba ta taɓa ba. Gefen duk sai ya yi duhu.

Baban Walid: Ni matsalata ta piyar kasuwar Farin Gada ce. Na sayo piya 6 jiya, har yau kamar dutse. Me ake yi?

Maman Hanan: Baban Walid, ai yankakke muke magana. Ka ɗaure su a takarda da ayaba nunanniya, kwana biyu uku za su yi laushi. Anti, ita ma piyar a ruwan gishiri?

Anti Ladi: A'a ƙanwata, piya mai laushi ruwa na sa ta caɓe. Ita lemun tsami take so. Ki raba ta biyu, ki bar ta a ɓawonta, ki ɗiga lemun tsami kamar rabin cokalin shayi ki shafe fuskar duka har baki-baki. Tsamin yana rage wa enzayim ɗin ƙarfi, bitamin C da ke ciki kuma yana hana launin kamawa har sai ya ƙare, shi ya sa kariyar ba ta ɗorewa. Sannan ki manna leda a jikin naman, ta kwanta ɗam, ba ki rufe bakin kwano kawai ba. Da firji za ta kai washegari. A jakar makaranta, awa huɗu zuwa biyar za ki samu. Ki ba su cokali su kwarfa, don in kin yayyanka ƙanana kin ƙara wa iska wurin kamawa.

In ma saman ya yi duhu, ki kankare da cokali, ƙasan kore ne. Wadda ake zubarwa ita ce mai warin tsami, mai fumfuna, ko wadda duhun ya ratsa har ciki tun kina buɗewa.

Hajiya Binta: Ni nawa ba sa cin abu mai tsami, zuma nake jiƙawa a ruwa in tsoma tuffar. Kuma ku sayi koriyar tuffa mai ɗan tsami, ta fi ja jinkirin yin duhu. Wuƙa ma ta zama mai kaifi, dakusasshiya murje naman take yi.

Ummu Sadik: To na ji na ƙwallo. Amma albasa fa? Ina rufe piya a roba da yankakkiyar albasa, tana kwana kore.

Anti Ladi: Na gwada sau biyu, launi ya tsaya, amma piyar ta ɗauki warin albasa. A salak ba laifi. Yaro ɗan firamare kuwa, ina!

Ummu Sadik: Tawa ba ta taɓa ɗauka ba, wataƙila kin cika albasar ne.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Gobe zan fara da gishirin. Hajiya, zumar cokali nawa a kofi?