Hasken la'asar sakaliya a kan filasta: me kuke rubuta wa mai renda?

Maryam_Zane: Salama alaikum. Ina da aikin zanen wani gida mai bene ɗaya a Unguwar Rimi, filasta ce ruwan madara, ba tayil. Na rubuta wa yaron da ke min renda, wato hoton ginin na kwamfuta, cewa ina son hasken la'asar sakaliya, inuwa doguwa mai taushi. Abin da ya turo, bangon ya koma ruwan lemo kamar an watsa masa manja, ga shi sumul, babu ko alamar filasta. Sau uku muna mayarwa. Ku me kuke rubutawa a gane ku?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, gaban gidan ina yake kallo? Na taɓa ɓata kwana biyu a kan wani gida a Barnawa kafin na lura gabas yake kallo, ranar yamma ba ta taɓa shi sam.

Maryam_Zane: Arewa yake kallo, Malam. Yaron ya juya ranar ta dawo tana dukan bangon kai tsaye.

Baban Khalifa: To ga matsalar nan. In haske ya daki filasta gaba da gaba, kowane ɗan rami ya cika da haske, sai bango ya zama kamar takarda. Kaushinta ba ya fitowa sai haske ya shafo ta daga gefe. Kuma kin yi sa'a. A watan Yuni rana tana faɗuwa arewa da yamma, a nan Kaduna wajen digiri 294 daga arewa, don haka bangon arewa yana samun wannan shafar da gaske. A Disamba kuwa ta karkata kudu, bangonki inuwa ce zalla.

Ni na daina rubuta "doguwa", lamba nake ba su. Rana a digiri 10 sama da ƙasa, inuwa ta kusa ninki shida na tsayin abu, wato katangar mita 2 ta shimfiɗa inuwar mita 11 da ɗoriya. A digiri 15 ba ta kai ninki huɗu ba. Da ni ne, ga abin da zan tura masa: 21 ga Yuni, wajen ƙarfe 6 na yamma, rana digiri 10, tana shigowa daga hannun dama in ka fuskanci gidan, kada a juya ta. Bakin taga da ya fito santimita 15 zai ja inuwar kusan santimita 37 a gefe. Da wannan za ki auna ko ya bi rubutun.

Sani Wayarin: Hajiya ki sa ƙwai masu ruwan ɗorawa a ƙasan bango suna haska sama, muna da su a Kasuwar Gumi.

Maryam_Zane: Na gode Malam Sani, hoton kwamfuta ne tukuna, ko tushe ba a haƙa ba.

Abba3D: Anti, batun taushi mai sauƙi ne. In V-Ray yake amfani da shi, ya kai `Size multiplier` na rana 10, shi ke nan.

Baban Khalifa: Abba, wurin ka gano, amma 10 ta yi yawa a ganina. Na gwada, inuwar ƙarfen taga ta narke gaba ɗaya. Ka fita da yamma ka dubi inuwar falwaya: a gindi bakinta kaifi ne, sai ta yi nisa take dushewa. Haka nake rubutawa, "kaifi a kusa, dushi-dushi a nesa", kuma ban cika wuce 3 ko 4 ba.

Abba3D: Na ji, Oga. Amma ruwan lemon nan sau da yawa ba laifinmu ba ne. A ce mana "zinariya", sai mu ɗumama rana, mu kuma ɗumama filastar, abu ya haɗu biyu. A rubuta 3500K ga hasken rana, a ce launin bango ya tsaya yadda yake, inuwa kuma ta ɗan ja shuɗi don sama ce ke haska ta.

Ummi Rigasa: Shuɗin nan ne ya ja min magana. Mai gidan ya ce shi bai taɓa ganin shuɗiyar inuwa a Kaduna ba. Da hunturu ya zo duba fili, hazo ya rufe gari, rana ta zama kamar faifai tun ba ta kai ƙasa ba, inuwar ma da kyar ake ganinta. Na ɗaga `Turbidity` don ya yi kama da abin da ya gani, sai ya ce gidan ya yi kamar an daɗe ba a share ba.

Abba3D: To wanne ya biya kuɗinsa?

Ummi Rigasa: Na farkon, bayan na rage shuɗin rabi. Har yanzu ban yarda ya fi kyau ba.

Maryam_Zane: Na tura masa kwanan wata da digirin. Ya dawo yana tambaya ko filastar mai laushi ce ko ta feshi, wai zurfin `Bump` ya dogara da hakan. Mai gidan bai zaɓa ba tukuna, sai na kira shi bayan Magariba.