Yaro na gudawa, me zan aika a sayo?

Maman Abba: Assalamu alaikum. Abba ne ke ta gudawa tun asuba, watansa 14, ya yi sau biyar zuwa yanzu, ruwa-ruwa, babu jini. Yana shan nono yana ɗan wasa, amma ya ƙi tuwo. Babansa zai biya kemis kafin ya dawo gida. Surukata ta ce haƙori ne, a sayo garin gulukos da lemon kwalba don ya samu ƙarfi. Waɗanda suka taɓa fama da wannan, me kuka saya ya yi muku amfani?

Anti Nas: Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. Ki ce ya sayo ORS, garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, ƙulli biyu da ƙwayar zink, a kemis da yawa ma a kwali ɗaya suke zuwa. Lemon kwalba da gulukos a bar su. Sukarinsu ya yi yawa, gishiri kuma babu, sai su jawo ruwan jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru.

Wurin haɗawa ake yawan kuskure. Ki duba jikin ƙullin, mafi yawa na lita ɗaya ne, fiya wata biyu ke nan na 50cl, ko ruwan da kika tafasa ya huce. Ki juye garin duka a lokaci ɗaya, ki gauraya, ki rufe. Kada ki ɗebi kaɗan ki zuba a kofi da ƙiyasin ido. Na taɓa karɓar yarinyar da aka juye mata ƙulli guda a ƙaramin kofin shayi wai don ya fi ƙarfi. Gishirin ya yi mata yawa, sai da muka kwantar da ita. Duk lokacin da ya yi bayan gida ki ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, mil 50 zuwa 100, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya haura shekara biyu rabin kofi zuwa kofi guda. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Baban 'Yan Biyu: Anti, ni dai na ba wa nawa ORS ɗin nan kwana biyu cur gudawa ba ta tsaya ba. Sai da na karɓo filajil na ruwa sannan muka ga sauƙi.

Anti Nas: Malam, ai ba aikinsa ba ne tsayar da ita. Ruwa da gishirin da ke fita yake mayarwa, don rashinsu ne ke kashe yaro. Yawancin gudawar yara irin wannan da kanta take tsayawa cikin 'yan kwanaki, mai yiwuwa filajil ɗinka ya zo ne daidai lokacin da za ta tafi. Zink ne ke rage tsawonta. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da ta tsaya a rana ta uku a ci gaba, don yana ba da kariya na wata biyu zuwa uku a gaba. Jaririn da bai kai wata shida ba rabi ake ba shi.

Baban 'Yan Biyu: To, Allah shi ne masani. Ni abin da idona ya gani na faɗa.

Uwar Marayu: Zink ɗin nan ku yi hankali da shi a cikin da babu komai. 'Yata ta tsakiya na ba ta da safe kafin ta ci wani abu, ba a yi minti goma ba ta dawo da shi. Na ɗauka bai karɓe ta ba na ajiye. Da na koma asibiti aka ce in narka ƙwayar a cokali da ɗan ruwan nono, in ba ta bayan ta sha koko. Shi ke nan ya zauna. ORS ɗin ma haka, in ta yi amai na kan dakata kamar minti goma, in koma cokali ɗaya bayan minti biyu. Akwai gajiya wallahi, dare guda na kwana da cokali a hannu.

Hajiya Babba: 'Yan nan, mu lokacin da muke goyo babu wannan na leda a ƙauyenmu. A rediyo aka koya mana: kwalbar lemo biyu na ruwa, gishiri cokali ɗaya, sukari ƙwaya biyar. Da shi muka raini bakwai.

Anti Nas: Haka ne Hajiya, an koyar da wannan awon a Najeriya, amma da ɗan ƙaramin cokali ne a shafe, kuma kwalaben yanzu girmansu ya bambanta. Wanda ake bayarwa yau ya fi ƙarancin gishiri: lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Na tsallake dare ne kafin a samu na kemis, don na ledar yana da wasu sinadaran da na gida ba shi da su.

Maman Nana, Maraɗi: A wajenmu SRO aka rubuta a jiki, abu guda ne. Ni maganar abinci zan yi, don nan na yi kuskure da ɗana na fari. Aka ce mini in na ba shi abinci zai ƙara zawo, na bar shi da ruwa-ruwan kunu kwana huɗu. Zawon ya tafi, yaro ya zube, sai da muka yi wata biyu muna zuwa awon tamowa. Yanzu in ya kama ƙanensa abin da nake saye ke nan: ayaba nunanniya, shinkafa, dankalin turawa, ƙwai, ɗan kifi. Shinkafar in dafa ta ta yi luguf, in murje da cokali, ruwan da na tace in sa ɗan gishiri in ba shi. Kunun kuma in dama da kauri, in zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa. Ba ya ci da yawa, cokali huɗu biyar ne, amma sau shida a yini. Bayan ya warke ina ƙara masa ci ɗaya kullum har sati biyu.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ni fura da nono nake sha in cikina ya ɓaci, take yake ɗaurewa. A gwada masa.

Maman Nana, Maraɗi: Yaya, ai kai babba ne. Kindirmo mai tsabta ba laifi, ina bayarwa. Na talla da ba ka san ruwan da aka sirka shi da shi ba ne abin tsoro, wani lokacin ma shi ne ya kawo ciwon.

Uwar Marayu: Garin ƙwalba fa, na cikin 'ya'yan kuka? Kakata tana jiƙa mana shi. Har yau ina yi, tare da ORS ɗin dai.

Anti Nas: Da ruwa mai tsabta kuma ba a cika sukari ba, ban hana ba, amma ba ya maye gurbin ORS. Maman Abba, ki ƙara yawan ba shi nono, sannan ki sa ido a kan fitsarinsa. In ya daɗe bai jiƙa wando ba, ko idonsa ya zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko kika tsunkuli fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, ruwa ne ya ƙare masa, asibiti a daren nan. Haka in ya kasa sha, ko barci ya yi masa nauyi, ko zazzaɓi ya shiga, ko kika ga jini. In kashin ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa yana zuba ba tsayawa, kwalara ake tsoro, ku tafi kina ba shi ORS a hanya. Fitowar haƙori ba ta sa yaro ya zubar da ruwa sau biyar a yini.

Maman Abba: Na gode ƙwarai. An sayo, na haɗa da fiya wata biyu, ya sha kusan rabin kofi bayan gudawa ta shida, ya ci rabin ayaba, ya yi fitsari bayan magariba. Lemon dai Mama ta riga ta aika an sayo mata, na ce Anti Nas ta hana, sai ta shanye abinta. Zink ɗin zan bari sai ya sha kunu. Kuma ƙullin da aka kawo mai ɗanɗanon lemo ne, ɗaya suke da farin ko in sa a canzo?