Oda ɗaya ta shiga sau biyu: da wane saƙo zan dogara?

Mai Atamfa: Assalamu alaikum. Na haɗa Paystack, kamfanin karɓar kuɗi, da shagona na intanet, kuma a gwajin da na yi, turmi ɗaya na naira 18,000 ya shiga rajista sau biyu. Shin in dogara da shafin da mai saye ke komawa bayan ya biya, ko da saƙon da kamfanin ke turo wa sabar shagon kai tsaye?

Ɗan Kantin Kwari: Malam, ka koma karɓar taransifa, a turo maka hoton rasit, ka huta.

Uwar Biyu: Hoton rasit ne ya cinye mini jari. Ana gobe Sallah wata ta turo mini rasit na leshi uku, na ba ɗan sahu kayan, washegari na duba asusu babu ko sisi. Da na koma wani kamfanin karɓar kuɗi kuma, cajinsu ya ishe ni.

Ɗan Kantin Kwari: Ai cajin Paystack kashi 1.5 ne, naira 270 ke nan a turminsa.

Injiniya: Akwai ƙarin naira 100 idan ciniki ya kai 2,500, saboda haka 370 ne. Malam Mai Atamfa, kada ka dogara da shafin komawa, domin wayar mai saye tana iya mutuwa bayan an cire kuɗinsa. Maimaituwar kuwa da dalilinta: muddin sabarka ba ta amsa da `200` ba, wato alamar saƙo ya iso, za su ci gaba da turo `charge.success`, saƙon da ke nuna an biya, har tsawon awa 72. Ina zaton kana aika imel da rage kaya kafin ka amsa, sai lokaci ya ƙure, su ɗauka saƙon bai iso ba. Ka fara amsawa, sannan ka yi sauran aikin. Ka kuma sa rumbun bayananka ya ƙi karɓar `reference` ɗaya, wato lambar shaidar biya, sau biyu, domin idan saƙonni biyu suka iso tare, dubawa kawai ba za ta hana su shiga ba.

Ɗalibi: Ni ina ganin `charge.success` nake sakin kaya.

Injiniya: Duk wanda ya san adireshin da sabarka ke karɓar saƙon zai iya turo maka wannan. Sai ka tantance `x-paystack-signature`, sa hannun da ke zuwa da saƙon, da makullinka na sirri, ka kuma gwada adadin da farashinka, kana tuna cewa da kwabo ake lissafi: turmin nan `1800000` zai nuna.

Ɗan Kantin Kwari: Injiniya, ka taɓa tsayawa a shago mai saye yana nuna maka alat a wayarsa?

Uwar Biyu: Nan ne damuwata. Wata kwastomata an cire mata 25,000, shafina yana nuna biyan bai yiwu ba, bankinta ya ce ta jira, ita kuwa ni take kira safe da yamma. In ba ta kayan ne, ko in jira kuɗin ya koma mata?