Na ba 'yata maganin tsutsar ciki, amma ta dawo: ina neman gogewarku

Maman Sadiƙ, Gwale: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 5 ba ta iya barci saboda ƙaiƙayin dubura. Da na haska da tocila cikin dare, sai na ga ƙananan tsutsotsi farare kamar guntun zare suna motsi. Na ba ta albendazol ta samu sauƙi, amma bayan wata guda abin ya dawo, har ƙanenta ya fara susa. Ko maganin ne na jabu?

Hajiya, Fagge: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki rage musu alawa da kayan zaƙi, kuma ki yanke musu farce; haka na yi wa jikokina.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni: Hajiya ta yi daidai a batun farce, amma zaƙi ba ya haifar da tsutsa, ƙwanta ake haɗiyewa. Wannan irin da kika gani, macen takan fito bakin dubura da dare ta zuba ƙwai, yarinya ta sosa, ƙwan ya maƙale a farcenta, ya koma baki ko ya shiga kwanon da suke ci tare. Maganin yana kashe tsutsa amma ba ya kashe ƙwai, kuma ƙwan yakan rayu a zanin gado har mako 2 zuwa 3. Saboda haka ki ba kowanensu ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 a rana guda, ki maimaita bayan mako 2, manya ma su sha, sai dai mai ciki ta fara tuntuɓar asibiti. Wanda bai kai shekara 2 ba kada a ba shi wannan adadin. A kai shi a duba. Ki yi musu wanka da sassafe, ki canja musu wando, ki wanke zanin gado da ruwan zafi ba tare da kin kakkaɓe shi ba, domin kakkaɓewa tana watsa ƙwan cikin ɗaki.

Baban Khalifa, Kurna: Ni ma ɗana ya sha sau biyu, amma har yanzu muna ganin wasu farare masu faɗi kamar guntun taliya a kashinsa.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni: Malam, wannan ya fi kama da tsila, wadda ake ɗauka daga naman da bai dahu sosai ba, kuma maganinta daban ne. Ku kai samfurin kashin a gwada kafin ku sake sayen komai.

Maman Sadiƙ, Gwale: Na gode, zan maimaita musu gaba ɗaya. Abin da ya rage mini shi ne makarantar Islamiyya, inda yara da yawa suke amfani da buta ɗaya babu sabulu. Akwai wadda ta taɓa shawo kan wannan?