Yadda ake sanar da jinkirin aiki ba tare da kame-kame ba

Bayan la'asar muka zauna a Sabon Gari, mu da wasu masu kula da ayyukan gini, kan imel ɗin da wani zai aika wa masu makarantar da yake yi wa ajujuwa a Samaru. An yi alkawarin miƙa aiki ranar 15 ga Agusta, ruwan sama ya hana zuba dakin, wato kankaren rufi, har kwana 10.

Kowa ya yarda sabuwar ranar ta fito tun a taken saƙon, kuma a maimaita ta a layin farko bayan sallama. Mai kuɗi yakan karanta a waya, ba lallai ya kai ƙarshe ba.

Inda aka daɗe shi ne lissafin ranar. Shi mai aikin 25 ga Agusta ya so ya rubuta, wato ya ƙara kwana 10 kawai. Wani dattijon injiniya ya ce, “A'a, ɗana. Ka tambayi mai fenti da mai wayarin tukuna?” Ashe mai fentin ya karɓi wani aiki a Tudun Wada, sai bayan mako guda zai samu sarari. Ranar gaskiya ta koma 1 ga Satumba. Ni ma ina bayan injiniyan, domin saɓa alkawari karo na biyu ya fi na farko zubar da mutunci.

Dalili jimla ɗaya ya isa, ban haƙuri sau ɗaya. Sannan a faɗi ko kuɗin aikin zai ƙaru, da abin da ake jira daga wajensu, kamar amincewa da launin fenti kafin Juma'a.