Neman shawara: wasiƙar tambayar malami babukan da gwaji zai taɓo

Hauwa, Ɗorayi:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a a nan Kano, sashen Hausa. Ranar Talata mai zuwa muke da gwajin Tsarin Sauti, yau kuma Laraba. Dakta ya ce a aji "daga farko zuwa inda muka tsaya." Wakilin aji ya rubuta a guruf cewa babi na 1 zuwa na 4 ne. To amma an tsallake na 3 ba a koyar ba, an kuma fara na 5 ba a gama ba, ga shi lambobin handawut ba su zo ɗaya da na littafi ba. Ina son in rubuta wa Dakta wasiƙa in tabbatar. Yaya zan tsara ta, ta wace hanya kuma zan aika?

Abban Walid, Kabuga:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki rubuta komai, ki ajiye lambobin nan gefe. Su ne tushen ruɗanin. "Babi na 4" yana iya zama na littafi, yana iya zama kashi na huɗu a handawut, yana iya zama mako na huɗu a jadawalin darussan da aka raba muku farkon zango. Idan kika tambaya da lamba, malam zai amsa da lambar da ke kansa, ke kuma ki karanta da lambar da ke hannunki, ku rabu kowa yana zaton an fahimci juna.

Ki ɗauko abu uku ki shimfiɗa: jadawalin darussa, handawut, da littafin da kike rubutu a aji. A takarda ɗaya ki jera sunan kowane darasi, gefensa ki sa ranar da aka koyar da shi. Wanda ba a koyar ba ki bar gurbinsa babu komai. Wanda aka fara ba a gama ba, ki rubuta daidai inda aka tsaya. Idan an saba bin tsarin da aka fi bi a wannan darasi, za ki ga wani abu kamar haka: gaɓoɓin furuci an yi, baƙaƙe an yi, wasula an tsallake, gaɓar kalma an yi, karin sauti an fara. Ki gyara da ainihin abin da ke littafinki, wannan misali ne na kawo.

Da kin yi haka za ki ga darussa uku babu tantama a kansu, biyu ne kawai ake shakka. A kan biyun nan za ki yi tambaya, kuma ki tsara ta yadda zai iya amsawa da "e" ko "a'a" yana tafiya tsakanin aji da ofis. Ga yadda za ta kasance:

*Kan magana: Neman tabbaci kan darussan gwajin Tsarin Sauti na ranar Talata*

*Assalamu alaikum, Dakta. Da fatan an wuni lafiya.*

*Sunana wance, lambar rajista kaza, aji biyu, ina cikin masu ɗaukar darasin Tsarin Sauti. Bisa bayanin da aka yi mana a aji, na fahimci gwajin zai ƙunshi gaɓoɓin furuci, baƙaƙe da gaɓar kalma. Ina neman tabbaci a kan abu biyu:*

*1. Darasin wasula, wanda ba a kai ga koyar da shi a aji ba, yana ciki?*
*2. Darasin karin sauti, wanda aka tsaya a kan karin sama da karin ƙasa ranar kaza, yana ciki? In yana ciki, har da karin faɗau ko iya inda aka tsaya?*

*Idan an amince, zan miƙa amsar ga wakilin aji don kowa ya sani. Na gode, Allah ya ƙara girma.*

Sai suna da lambar rajista a ƙasa. Kada ta wuce haka. Ki kuma sa lambar kwas a kan magana yadda take a fom ɗin rajistarki, domin malami ɗaya yana iya riƙe darasi uku ko huɗu a zango guda, wataƙila biyu daga ciki suna da gwaji a mako ɗaya.

Nura Mai Kwafi, Rijiyar Zaki:
Malamai ba sa son a tambaye su inda tambayoyi za su fito, wasu ma haushi suke ji. Ki nemi takardun tambayoyin shekarun baya, a shagunan kwafi na bakin makaranta ana samu, ki ga wuraren da yake yawan maimaitawa. Ya fi miki wasiƙa.

Malama Binta, Gwale:
Nura, ba wurin da tambaya za ta fito take nema ba, iyakar karatun take nema. Ɗalibi yana da haƙƙin sanin inda gwaji ya fara da inda ya tsaya. Takardun baya kuwa yawancinsu na jarrabawar ƙarshen zango ne, wadda take haɗa darussa duka, ba za su nuna mata inda aka tsaya bana ba.

Amma maganarka ta tono wani abu, Hauwa ki kula da shi. Lafazi ɗaya zai iya sa malam ya ɗauke ki yadda Nura ya ɗauke ki. Kada ki rubuta "ina za mu fi mai da hankali" ko "a taimaka mana da wuraren da za su fito." Da ya ga haka zai rufe saƙon, ko ya ce ku karanta komai. Haka kuma kada ki rubuta "kun tsallake wasula." Wannan tuhuma ce. Dubi yadda Abban Walid ya sa "ba a kai ga koyar da shi ba", babu wanda aka nuna da yatsa. Sannan ki cire sunan wakilin aji daga batun saɓani, kada ki ce "shi ya ce kaza, ku kun ce kaza." Za ki jawo masa faɗa a banza, gobe kuma shi za ki nema.

Wani abu da nake son ki gane game da wasula: ko Dakta ya ce ba sa ciki, ki karanta su. Gaɓar kalma a Hausa iri uku ce, baƙi da wasali kamar "ci", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "sau", da baƙi da wasali da baƙi kamar "nan". Ba yadda za ki bambance ta farko da ta biyu in ba ki san gajeren wasali da dogo ba, da tagwayen "ai" da "au". Karin faɗau ma a kan gaɓa mai nauyi yake sauka. Saboda haka tambaya a kan gaɓa za ta iya janyo wasula ta bayan gida, kuma malam bai karya alkawari ba. Wasula biyar ne gajeru, biyar dogaye, karatun yamma ɗaya ya ishe su.

Alhaji Tijjani, Zoo Road:
'Yata, duk takardar da za ta je wa malami a jami'a tana da ƙa'ida. A buga ta a farar takarda, adireshinki da kwanan wata a sama, na wanda ake rubuta wa a ƙasansa, a sa "ta hannun Shugaban Sashe", a sa hannu, a yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki riƙe. Abin da babu shaidarsa a rubuce kamar ba a yi shi ba ne.

Abban Walid, Kabuga:
Ranka ya daɗe, batun riƙe shaida gaskiya ne, kuma tsarin da ka kawo shi ne daidai ga wanda ya rasa gwaji saboda rashin lafiya yana neman a sake masa, ko wanda makinsa ya ɓata. Amma a nan zai yi illa biyu. Takardar da ta bi ta ofishin Shugaban Sashe sai ta jira sakatare ya shigar, shugaba ya sa hannu, sannan a kai wa malam. Yau Laraba, ranakun aiki uku suka rage kafin Talata, ɗaya kuma Juma'a ce da ofisoshi ke yin shiru tun kafin azahar. Ta biyu, malam zai ga kamar an kai ƙararsa wurin shugabansa kan maganar da minti ɗaya ya isa ya warware.

Hauwa, hanyar da malam ya ba ku da bakinsa ranar farko ita za ki bi. In ya ce komai ya biyo ta wakilin aji, ki rubuta saƙon ki ba wakilin ya tura da sunan aji. In ya ba da imel, ki tura da safe gobe Alhamis, daga adireshi mai ɗauke da sunanki na gaskiya. In lambar waya ya bayar don WhatsApp, saƙo ɗaya dunƙule, a lokacin aiki, ba da dare ba. Kada ki tura "salam" kaɗai ki zauna jiran ya amsa kafin ki faɗi buƙata, kada ki tura saƙon murya, kada ki bi shi da kira. Lambar da kika samu a hannun wani kuwa, ba shi ya bayar ba, ki bar ta.

Malama Binta, Gwale:
Ni ko ya ba da imel na fi son wakilin aji ya tura. In ajin ya kai mutum ɗari, amsar da ta zo wa mutum ɗaya tana zama wata sabuwar jita-jita: "Hauwa ta ce Dakta ya ce."

Abban Walid, Kabuga:
Hakan yana da kyau in wakilin zai tura saƙon yadda yake. Matsalar ita ce shi ne ya riga ya rubuta 1 zuwa 4, zai iya taƙaita shi ya koma "Malam, 1 zuwa 4 ne ko?" Malam ya ce e, a koma gidan jiya. In ta hannunsa za a bi, su zauna tare ya tura tana gani, amsar kuma a ɗauki hotonta a sa a guruf, kada a sake faɗar ta da baki.

Hauwa, Ɗorayi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Imel ya ba mu. To in bai amsa ba fa? Ko ya amsa da "duk abin da muka yi" kawai?

Malama Binta, Gwale:
In kin tura Alhamis da safe, ki jira zuwa Litinin da safe. In shiru, kada ki sake turawa, ki je ofishinsa ke da wakilin aji da takardar nan da kika jera darussa, ku nuna masa layi biyun ya sa alama. In kuna da lacca da shi kafin Talata, ɗaga hannu a aji ya fi komai, kowa ya ji da kunnensa. Amma kada ki dakatar da karatu kina jiran amsa. Daga yau ki fara da ukun da babu shakka, ki ba wasula yammacin Asabar, karin sauti Lahadi.

"Duk abin da muka yi" kuma ni a wurina amsa ce: karin sauti yana ciki zuwa inda aka tsaya, wasula ba sa ciki a matsayin tambaya mai zaman kanta.

Abban Walid, Kabuga:
A nan ban bi ki ba, Malama. Ki duba littafinki, Hauwa, ranar da aka tsallake wasula ko ya ce "ku je ku karanta." In ya faɗa, malamai da yawa suna lissafa wannan cikin abin da aka yi. Tambayi mutum biyu da suka zauna a gaba ranar, in sun tuna ya faɗa, ki ɗauka suna ciki.