Rangwamen Ranar Malamai: karramawa ce ko yaudara?

Malama Hadiza: Jama'a ku taya ni gani. Wani shagon atamfa a Kano ya yi talla cewa albarkacin Ranar Malamai, 5 ga Oktoba, an rage wa malamai kashi 10 cikin ɗari. Turmin da na taya naira 18,000 a makon jiya shi ne yau aka liƙa wa 20,000. An cire 2,000, ya koma 18,000 ɗinsa. Kuma sai ka sayi turmi biyu, ka nuna katin TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Wannan yaudara ce.

Alhaji Sani: Malama, kalmar yaudara ta yi nauyi. A Kwari nake, kaya kan tashi cikin mako guda idan dala ta motsa.

Malama Hadiza: Alhaji, ta tashi daidai da abin da za a rage, ba ƙari ba ragi?

Alhaji Sani: Nan kam kin kama shi. Amma ku duba lissafin. A ce ya saro turmi 16,500 yana sayarwa 18,000, ribarsa 1,500 ke nan. Kashi 10 na 18,000 kuwa 1,800 ne, ya ci uwar kuɗi. Bakinsa ya yi alkawarin da aljihunsa ba zai ɗauka ba. Ni a bara atamfa kala ɗaya na ware, na rubuta tsohon kuɗinta kusa da sabo, na rage 1,000, turmi ɗaya ga kowane malami. Ɗari biyar na ci a kai, kuma wasunsu sun dawo min da sallah. Shi dai ganganci ya yi.

Ummu Khalil: Wane ganganci, Alhaji? Wanda ya zauna ya canza takardar farashi ya san abin da yake yi. Ku 'yan kasuwa ba kwa ganin laifin junanku.

Malam Auwalu: Ni katin nan ne ya ƙona min rai. Mu malaman Islamiyya da na allo ba malamai ba ne? Wa ya koya wa mai shagon Fatiha?

Bashir: Malam, ai ranar ta ma'aikatan gwamnati ce, ƙungiyar malamai ta NUT ce ta ƙirƙiro ta.

Malama Hadiza: Ba haka ba ne, Bashir. UNESCO ce ta ware ta a 1994, kuma ba ta ce sai mai albashin gwamnati ba.

Malam Auwalu: To ka ji. Amma ku 'yan boko da an zo rabo sai ku manta da mu.

Ummu Khalil: Haba Malam, mu na makarantun kuɗi da yawanmu ma ba mu da katin.

Malama Hadiza: Ni fa maganar farashi na kawo.

Alhaji Sani: To a taƙaice dai, an yarda mai shagon bai iya lissafi ba ne, kuma sharaɗin kati shi ya ɓata tallan. Yaudara kuwa babu wanda ya tabbatar.

Ummu Khalil: Wa ya yarda, Alhaji?